"Alhamis mai zuwa" ta ci mini wata guda

Har yau in na ji wani ya ce "Alhamis mai zuwa" sai gabana ya faɗi. Kalmomin nan uku na sa a wasiƙar da na aika wa malamin da ke duba memuwar ɗina na mastar, a nan Damagaram, ina neman mu zauna a kan babi na uku.

Ranar Talata 30 ga Afrilu na tura ta imel, da Faransanci kamar yadda aka saba. Na yi gaisuwa mai tsawo, na tambayi iyali da zafi, can ƙasa na ce ina roƙon ganinsu Alhamis mai zuwa da safe. Ni jibi nake nufi, 2 ga Mayu. Washegari amsa ta zo, layi ɗaya: "To, Alhamis, ƙarfe 10." Na hau kabu-kabu daga Birni, na zauna bakin biro tun 9 da rabi har aka kira azahar, ƙofa a kulle. Na koma gida ina huci, ina cewa manya ba su ɗauki ɗalibi bakin komai ba. Don fushi ko saƙo ban aika ba, na tafi Matameye ci gaba da tambayoyin bincikena.

Ashe su Alhamis ta makon gaba suka fahimta, 9 ga wata. Sun zo, sun jira ni, ina can ƙauye. Da magariba na ga saƙo: "Na jira ka. Gobe zan tafi Yamai, sai ƙarshen wata." Wajen kilomita 900 ke nan tsakaninmu, ga babi ba a gyara ba, ga abokan karatuna suna ta ajiye nasu. Laifin wa? Ba su yi kuskure ba. A Faransanci ma kamar a Hausa, in ka faɗi haka ranar Talata, wani zai ji jibi, wani zai ji ta sama. Lamba biyu kawai na rasa rubutawa.

Wata yayata da ta riga ni gamawa ta karanta wasiƙar, ta ce, "Ƙanena, wannan ai gaisuwar sallah ce. Ina babin? Me kake so su yanke maka?" Nan na lura ko babin ban haɗa ba. Da mun haɗu ma, da a gabana za su fara karanta shafi 28.

Ga wadda na sake aikawa ranar 27 ga Mayu, na mayar da ita Hausa. A kan saƙon na sa sunana, "babi na 3", da "neman ganawa".

"Malam, barkanku da aiki. Na haɗo babi na uku, shafi 28, da gyaran da kuka ce in yi a babi na biyu. Ina roƙon minti 30 a kan abu biyu: ko mutum 60 da na yi wa tambayoyi sun isa, da kuma ko in raba sakamakon gari-gari ko in haɗe shi. Lokutan da nake ba da shawara: Litinin 3 ga Yuni, 10h00, Talata 4 ga Yuni, 15h00, Alhamis 6 ga Yuni, 11h00. In babu wanda ya yi muku, ku zaɓi wanda kuka ga dama, ko mu yi ta waya. Na gode."

Lokaci uku na bayar, a ranaku daban, safe da yamma, saboda in guda ne suka ce a'a, an koma farko. "Duk lokacin da kuka samu sarari" kuwa, da muke ɗauka ladabi ne, aikin duba kalanda kake ɗora wa mutumin da ke da ɗalibai goma. Kafin in zaɓa na leƙa allon darussa na cire awannin da suke aji, na bar Juma'a gaba ɗaya, na kauce wa azahar da la'asar. Na kuma bar mako guda tsakanin wasiƙar da rana ta farko don su samu karantawa.

Suka zaɓi Talata. Nan take na mayar da amsa: "Na gode Malam, Talata 4 ga Yuni, 15h00, a bironku." Wannan layin da na rubuta shi tun farko, da a ranar za su ce mini ba wannan Alhamis ba. Ranar Litinin da yamma na sake tunatarwa ta waya, layi ɗaya.

Na tarar da babin a kan tebur, jan biro ya cika gefen shafi. Minti 25 muka yi, suka ce in ƙara mutum 20 daga Mirya. Amma rukunin farko na masu kare memuwar ya riga ya wuce ni, sai bayan damina na tsaya gaban alƙalai. Kuɗin haya na wata uku na ƙara biya.