Awa 24 ta ɓace a inbois ɗina, kuma Excel bai ce min uffan ba

Har yanzu in na tuna abin nan sai raina ya sosu. Kwastomomi uku nake wa aiki, kowa da kuɗin awarsa, kuma duk a shit ɗaya nake rubuta lokaci: kwanan wata, sunan kwastoma, sanda na fara, sanda na tashi, sai gidan ƙarshe da yake cire wannan daga wancan. Ƙarshen wata in tace sunan mutum, in ga jimilla, in kwafa a inbois, shi ke nan.

A watan da ya wuce babban cikinsu, jimillarsa ta nuna 17:30. Na ɗan ji wani iri don na san na sha wuya a aikinsa, amma ka san aikin da ake yi gutsi-gutsi, minti arba'in nan awa ɗaya can, ga wasu biyu suna ta ƙwala maka kira, ba ka iya riƙe lissafin a ka. Na tura, ya biya nan take har da godiya. Ashe awa 41 da rabi na yi masa.

Abin da yake faruwa shi ne, wajen Excel lokaci ɓangaren kwana ne. Awa 24 ita ce 1, awa 12 ita ce 0.5. In gidan jimilla yana kan tsarin h:mm, to kamar agogon bango yake, da ya cika 24 sai ya koma sifili ya sake farawa. Adadin gaskiya yana nan a ciki, nunawa ce kawai ba ya yi. Ni kuwa da ido na karanta na buga da hannu. Watannin baya babu wanda aikinsa ya taɓa kai awa 24, shi ya sa tarkon bai taɓa kama ni ba. A ce kuɗin awa 20 ne, ko da wane irin kuɗi ake biyanka: na nemi 350 a maimakon 830. 480 sun tafi, fiye da rabin haƙƙina, kuma babu jan rubutu babu gargaɗi, wannan shirun shi ya fi ƙona min rai.

Gyaran ko minti ɗaya bai kai ba. Ka danna Ctrl+1, ka shiga Custom, ka rubuta [h]:mm, waɗannan bakan su ke hana shi komawa sifili. A Google Sheets kuma Duration za ka zaɓa. Ina yi sai ga 41:30 ta fito tana kallona.

Sai na ce to daga yau ba na ƙara kwafa da hannu, fomula ce za ta yi kuɗin. Na ninka jimillar da 20, ta ba ni 34.58. Dalili ɗaya ne dai, shi a wajensa 41:30 kwana ɗaya ne da 'yan kai, wato wajen 1.73, dole sai ka ninka da 24 kafin ta zama awoyin da za a yi kuɗi da su:

```
=SUMIFS(E:E,B:B,"K1")*24
```

E tsawon lokaci, B sunan kwastoma, K1 kuma a madadin sunan wanda kake nema. Kuma ka mayar da gidan amsar Number, in ba haka ba 41.5 ɗin za ta iya fito maka a 12:00 ka sake rikicewa. A nan ma na lura masu rubuta 9:15 a matsayin 9.15 suna cutar kansu, minti 15 ai 0.25 ne, minti 45 kuma 0.75.

Komawa wajen kwastoman ya fi komai nauyi, mutum ya riga ya biya ya rufe lissafin wata ka zo kana cewa da saura. Ban taɓa tsohon inbois ɗin ba tunda an biya shi. Sabo na yi da sabuwar lamba, na awa 24 cif, na ambaci lambar na farkon a ciki, na haɗa da jerin lokutan duka, kowace rana da abin da aka yi a cikinta. Jerin nan shi ya cece ni, don da "aiki" kawai nake rubutawa a kowane layi da ban da bakin magana. Ya biya, amma sai a zagayen biyansu na wata mai zuwa, kuma ya tambaye ni ko inbois ɗin baya ma akwai irin wannan. Tambayar ta yi min zafi duk da tana kan hanya.

Yanzu kafin in tura kowane inbois, sai na haɗa awoyin da ke kan inbois ɗin kwastomomin uku na gwada da jimillar watan gaba ɗaya ta cikin shit, an ninka ta da 24. In giɓin ya fito 24 ko 48 daidai, na san inda zan duba.