Inda na kai a lissafin wutar da firizata ke ci

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon zoɓo da ƙanƙarar sayarwa. Wancan karon mun tsaya a kuɗin sukari da leda da kayan ƙamshi, saura kuɗin wuta, wanda yawancinmu ke barinsa a cikin kuɗin cefane kamar ba daga ribar yake fita ba. Ga inda na kai da tawa firizar a nan Ƙofar Ƙaura.

Abin da muke saya a mita shi ne yunit, wanda ake rubutawa kWh a rasit. Na'urar da ke jan wat 1,000 idan ta yi awa ɗaya tana aiki ta ci yunit ɗaya. Daga nan lissafin ya fito:

```
yunit a rana = wat × awa ÷ 1000
kuɗi = yunit × farashin yunit
```

Wat ɗin yana jikin 'yar takardar da ke manne a bayan firiza ko gefenta, lamba ce mai W a gabanta. Tawa 150 W aka rubuta.

Farashin yunit kuwa ya danganta da rukunin layin da unguwarku take. Mu nan Katsina muna ƙarƙashin KEDCO tare da Kano da Jigawa, kuma layuka sun kasu daga Band A zuwa Band E gwargwadon awannin wutar da aka tsara ba su: 20, 16, 12, 8 da 4. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin Band A zuwa naira 225, daga baya ya koma 209.50 a watan Yuli na shekarar. Sai kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ke hawa kai, wanda ya sake mayar da shi wajen naira 225. Da wannan adadin zan yi misali. Ku dai kada ku ɗauki nawa, ku duba rasit ɗin katin da kuka saya na ƙarshe, ku raba kuɗin da yawan yunit ɗin da aka ba ku. A wannan farashin naira 5,000 tana ba da yunit 22 da ɗan wani abu. Idan ana cire muku tsohon bashi a kati, ku fitar da shi kafin ku raba.

To, inda gizo ke saƙar shi ne awa. Idan aka ce wuta na zama awa 20, mutum sai ya buga 150 sau 20 ya raba da 1,000, ya sami yunit 3 a rana, wato naira 675, a wata naira 20,250. Wannan shi ne iyakar abin da firizar za ta iya ci, ba abin da take ci kullum ba. Kwamfaresa, wato injin da ke yin sanyin, ita ce ke shan wutar, ita kuma ba ta aiki ba tsayawa. Idan sanyi ya kai inda aka saita sai ta mutu, idan ya ragu ta sake tashi. Awannin da take kunne su ne ake sawa a lissafi.

Gano su ba ya buƙatar komai sai kunne da agogon waya. A zauna kusa da firizar bayan ta daɗe da samun wuta, a rubuta lokacin da gurnaninta ya fara da lokacin da aka ji ƙas ta yi shiru. Da hunturu, tana cike da kayan da suka riga suka daskare, tawa takan yi minti 12 tana aiki ta huta 18, wato minti 24 a kowace awa. A awa 20 ya zama awa 8 ke nan: yunit 1.2 a rana, naira 270, a wata 8,100. Kun ga tazarar da ke tsakaninsa da dubu ashirin.

Amma mu masu ƙanƙara ba ajiya muke yi ba, kullum sabon ruwa muke zubawa, kuma nan ne kuɗin ke tafiya. Zafin da za a cire wa ruwa kafin ya juye ya zama ƙanƙara ya kusa ninka sau uku wanda za a cire masa daga digiri 30 zuwa sifili. Shi ya sa zoɓo ke saurin yin sanyi, amma ya kwana bai yi tauri ba. A ƙiyasina, daskarar da lita 10 a ƙaramar firiza irin tawa yana cin kusan yunit ɗaya, ban da wutar riƙe sanyin. Da zafin bazara, ina zuba lita 12 zuwa 15 a rana, na iske tana aiki wajen minti 45 a awa. Awa 15 ke nan cikin 20, yunit 2.25, kusan naira 506 a rana, a wata wajen 15,200. Idan ƙulli 100 na fitar a ranar, kowane ƙulli ya ɗauki naira 5 na wuta, kuma yanzu haka nake sawa a littafina kusa da kuɗin leda.

Masu layin da wuta ba ta wuce awa 8 ko 12, ku kada ku rage komai. Kafin a kawo wuta kayan sun fara saki, saboda haka kwamfaresa kan yi aiki tun daga kawowa har ɗaukewa. Ku buga wat da dukkan awannin: 150 sau 8, a raba da 1,000, ya ba da yunit 1.2, sai ku ninka da farashin rasit ɗinku.

Na kuma gwada lambar takardar da mita. Akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh, ma'ana ƙiftawa 1,000 yunit ɗaya ne. Na kashe komai a gidan, har cajar waya, na bar firiza kaɗai tana gurnani, na ƙirga daƙiƙa 25 tsakanin ƙiftawa biyu. Raba 3,600 da 25 ya ba da wat 144, dab da abin da aka rubuta. Wasu mitocin 1600 ko 3200 ne a jikinsu, to lissafin zai canza. Wanda mitarsa ke can saman fol, ya karanta ragowar yunit a akwatin da ake loda kati kafin ya kwanta da kuma da asuba, komai a kashe ban da firiza, ya ɗebe.

Idan babu sabon kaya a ciki, wuta ta daɗe ba a ɗauke ba, amma kwamfaresa ta ƙi hutawa, akwai matsala. A fara da robar murfi: a maƙale takarda a rufe, idan ta zare ba tare da turjiya ba iska na shiga. A duba ko ƙanƙarar jikin bango ta yi kaurin yatsa, sannan a janye firizar daga bango kamar faɗin tafin hannu don zafinta ya sami wurin fita. Tawa a zaure take inda ranar yamma ke duka, na matsar da ita ɗakin ajiya, zan sake auna mintocinta a can. Kuma zoɓon da aka sauke daga wuta a bar shi ya huce sarai kafin a ƙulla, in ba haka ba ka biya gawayi ka dafa, ka sake biyan kati ka hucar.