Albashi ɗaya, lissafi ɗaya: shawara ga ƙannena masu bidiyon tattalin kuɗi

A wajen ma'aikacin Legas akwai abin da ake kira albashi, akwai kuma abin da ke shigowa waya ranar da alat ya yi ƙara. Tsakaninsu an cire haraji, an cire kashi 8 cikin ɗari na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, wani wurin ma an cire bashin ƙungiyar ma'aikata. Duk bidiyon da ya fara lissafi daga adadin da ke cikin takardar ɗaukar aiki ya rasa mai kallo tun a jimlar farko, domin shi ya san bai taɓa riƙe wannan kuɗin a hannunsa ba. Ni ma da haka na fara. Na zauna a kujera mai kyau a ofishin wani abokina, na jero nasihohi: ku rage cin tsire, ku daina sayen abinci a waje, ku ajiye kashi 20 na albashinku. Babu wanda ya zage ni, an dai wuce ni shiru.

Ku duba maganar tsiren nan da idon lissafi. Matashin da ke sayen tsiren ₦2,000 sau ɗaya a mako yana kashe ₦8,000 a wata. Wannan matashin kuma, idan yana zaune a Agege yana aiki a Victoria Island, kuɗin motarsa na wata ya ninka hakan sau da yawa, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ka bar babbar ƙofar da kuɗinsa ke fita, ka tsaya kana hana shi ɗan abin da ke sanyaya masa rai ranar Asabar. Daga nan yake gane cewa ba ka san rayuwarsa ba, kuma sautin wa'azi daga nan yake fitowa, ko da ka yi magana cikin murmushi. Haka maganar "ka dafa a gida". Mutumin da ya fita bayan sallar asuba, ya dawo ƙarfe tara na dare bayan cunkoson gadar Third Mainland, yaushe zai dafa? In ya dafa na mako guda ranar Lahadi, ina wutar da za ta riƙe masa firji?

Abin da ya gyara mini aiki shi ne na daina magana a kan "matasa" gaba ɗaya, na ɗauki albashi ɗaya na bi shi har ƙarshe. Wani ƙanena da muke unguwa ɗaya ya yarda in yi amfani da lissafinsa, da sharaɗin ba zan nuna fuskarsa ko sunan wurin aikinsa ba. Abin da ke shigo masa ₦250,000 ne. Hayar ɗakinsa ₦720,000 a shekara, wato ₦60,000 a wata in an raba. Mota ₦2,500 a rana, kwana 22 na aiki, ya kama ₦55,000. Abinci ₦70,000. Yana aika wa Hajiyarsa da ƙannensa ₦25,000 can gida. Data da kuɗin wuta ₦20,000. Jimla ₦230,000, saura ₦20,000.

Na rubuta wannan a takarda da biro, na ɗora wayar a samanta tana ɗaukar hannuna ina ragewa layi bayan layi. Ban ce komai a kan ƙa'idar nan da ake yawo da ita ta raba albashi kashi 50 na buƙatun dole, 30 na sha'awa da 20 na ajiya ba, sai da aka ga ₦20,000 a ƙasan takarda. Sannan na ce, "Masu ƙa'ida sun ce ya ajiye dubu hamsin. Ku nuna mini inda za ta fito." Wannan tambayar ta mayar da ni ɓangaren mai kallo. Da ma shi ne yake ta jin ana ɗora masa laifin abin da lissafi ya riga ya hana.

Layin kuɗin da ake aika wa iyaye kuma kada ku kuskura ku taɓa shi da sunan ɓarna. Na taɓa cewa a rage aike, wani ya amsa mini da cewa, "Malam, kai ba ka da uwa ne?" Gaskiyarsa. Bahaushen da ya baro Katsina ko Sakkwato ya zo Legas, rabin dalilin zuwansa ke nan. Ku sa shi a lissafi daidai da haya, abu ne da ba a ciniki a kansa. Iyakar abin da za a iya tattaunawa shi ne a tsayar da adadi da rana, domin kada ya zama kowane kiran waya sai an tura.

To, ina shawarar take, tun da saura ₦20,000 kacal? Tana cikin layin haya. A Legas ba wata-wata ake biyan haya ba, shekara guda ake biya a dunƙule, sabon shiga kuma ga kuɗin dillali da na yarjejeniya a kai. Don haka wannan ₦60,000 ba ta fita daga asusunsa kowane wata. Tana nan zaune, sai ya duba waya ya ga kamar yana da rarar ₦80,000. Biki ya taso, waya ta fashe, aboki ya nemi rance, ta tafi. Wata goma sha biyu na cika mai gida ya turo saƙo, sai a ruga manhajojin bashi masu kiran duk lambobin da ke wayarka in ka makara. Matsalar ƙanena ke nan, tsire ba shi da laifi a ciki. Abin da muka nuna a bidiyon abu ɗaya ne: ranar da alat ya shigo, kafin ya tashi daga inda yake zaune, ya fitar da kuɗin haya zuwa inda hannunsa ba ya kaiwa da sauƙi. Muka sa ₦65,000 maimakon ₦60,000, domin masu gida ba sa barin shekara ta juyo ba ƙari. A wata 12 ya tara ₦780,000. Abin da ya rage masa na ko-ta-kwana ₦15,000 ne, kuma na faɗi haka a fili, ban ɓoye cewa watan zai yi tsauri ba.

Shawara ɗaya a bidiyo ɗaya. In kun jera bakwai, kun zama malamin aji, kuma babu wadda za a tuna.

Inda za a ajiye kuɗin shi ne wurin da amana ke ƙaruwa ko ta rushe. Mutanenmu sun saba da adashi, kuma yana aiki a nan: mutum 12, kowa ya zuba nasa, ka nemi kwasarka ta faɗo wata guda kafin hayarka ta cika. Amma ku faɗi aibinsa da bakinku kafin wani ya faɗa muku. Wanda ya kwasa da wuri na iya barin aiki ko ya koma Arewa, a bar na ƙarshe da cizon yatsa, shi ya sa adashin abokan ofis ɗaya da albashinsu ke shigowa rana ɗaya ya fi na unguwa kwanciyar hankali. In asusun banki na daban ne, ku ce a buɗe shi ba tare da karɓar kati ba. In kuma manhajar ajiya ce mai ba da kuɗin ruwa, ku sani da yawa daga masu kallonku ba za su taɓa ta ba saboda riba ce, kuma yin kamar ba ku san da wannan ba yana nuna da wasu kuke magana. Ku ambata, ku ce akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, ku bar kowa da zaɓinsa. Fatawa ba aikinku ba ce.

Sai maganar talla. Mutanen da kuke yi wa magana sun ga MMM, mai alkawarin riba mai yawa ga duk wanda ya zuba kuɗi, ta kulle kuɗin jama'a a Disambar 2016, sun ga irinta CBEX ta rufta a Afrilun 2025. Da zarar kun ce "ku shiga ta wannan mahaɗin", kunnensu ya tashi. Na taɓa saka mahaɗin wata manhaja da ake ba ni ɗan kamasho a kan duk wanda ya shiga, ban faɗa ba, kuma cikin masu kallo aka samu wanda ya gane. Bayan nan ko maganar farashin shinkafa na yi sai a tambaye ni nawa aka biya ni. In an biya ku, ku faɗa a daƙiƙun farko da harshen da kowa ke ji: "Waɗannan sun biya ni, ga abin da na gwada da kuɗina, ga abin da ban gwada ba." Kuma duk abin da ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, kada ya shiga bidiyonku ko nawa za a ba ku.

Ku rubuta wata da shekara a kusurwar hoton. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan yanayi kuɗin motar da kuka faɗa yau zai zama abin dariya bayan wata shida, bidiyo kuwa yana ci gaba da yawo a WhatsApp. Kwanan wata ne zai kare ku daga a ce kun yi ƙarya. Haka kuma ku faɗi wa lissafin ya dace da shi. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta sanar a 2024 ₦85,000 ne, kuma akwai masu gadi da 'yan aiken ofis da ke kusa da nan. Lissafin mai ₦250,000 ba nasu ba ne, ku ce haka, ku yi musu nasu daban da mutum daga cikinsu.

Ta fuskar lafazi, ku saurari abin da kuka ɗauka ku ƙirga sau nawa kuka ce "ya kamata", "dole" da "ku daina". Kowane ɗaya ku gwada mayar da shi labari: "ga abin da ya yi", "ga abin da ya rage". Kada ku ce "matasan yanzu", ko da wasa. Ku yi magana da Hausar da kuke yi a teburin mai shayi a Idi-Araba ko Obalende, in "alat" ake cewa ku ce alat. Wurin ɗauka ma yana magana: ɗakinku na gaske, ko tashar motocin BRT da katin biyan kuɗin mota na Cowry a hannu, ya fi motar aro. Sauti kawai za ku kula da shi, domin ƙarar janareton maƙwabci tana kore mutum kafin ya ji lissafin.

Yawan masu kallo ba zai gaya muku ko an yarda da ku ba. Ku buɗe shafin alƙaluman bidiyon a TikTok ko YouTube, ku duba layin da ke nuna inda mutane ke ficewa, sannan ku koma daidai wannan daƙiƙar ku ji abin da kuka ce. A nawa, kusan kullum wurin da na ajiye biro na kalli kyamara na fara bayani ne. Sai kuma irin amsar da ke dawowa. "Allah ya ƙara basira" ladabi ne kawai. Wanda ya rubuto cewa, "Yaya, ni ₦180,000 nake ɗauka, ina Mile 12, hayata ₦500,000, yaya zan raba?" shi ne ya yarda da ku har ya buɗe muku aljihunsa. Ku nemi izininsa, ku ɓoye sunansa, ku ɗauko sabuwar takarda: ₦500,000 a raba 12 ya kusa ₦42,000, daga nan bidiyo na gaba zai fara.