Ɗanwake ba ya jiran a gyara waya

Mai ɗaukar bidiyon darasin girki ita kaɗai da waya ɗaya, abin da take buƙata a takardarta kafin kalaman da za ta faɗa shi ne inda wayar za ta tsaya da lokacin da za a matsar da ita. A kan ɗanwake na ga haka, a kicin ɗina a Gwammaja, kuma har yanzu garin da ya tafi a banza yana min ciwo.

Auna garin wake da na rogo, zuba kuka da ruwan kanwa, kwaɓawa, duk sun tafi lafiya. Layi ɗaya ne ya ɓata aikin, wanda ya biyo bayan jefawa: "Daga sama, a nuna yana tasowa." A lokacin hannuna na dama duk ƙullu ne mai yauƙi. Kafin in wanke, in goge, in juyo da abin ɗora waya mai ƙafa uku da na saya a Farm Centre, ɗanwaken ya riga ya taso, kumfa ta zubo ta kashe min gas. Da na leƙa da wayar kan tukunya, tururi ya rufe gilashin kyamarar, hoton ya koma fari fat. Tasowar nan kuwa ita ce zuciyar darasin, kuma sau ɗaya take faruwa.

Da na sake rubutawa, wurare uku kawai na ba wayar: fuska, sama, gefe. Kowane layi kuma yana faɗin halin da hannu yake ciki:

SAMA, kan roba. Ɗaga ƙullun a ga kaurinsa. Magana: "In yana tsiyaya, ya yi ruwa, ƙara gari."
TSAYA. Wanke hannu. Mayar da waya GEFE, kamu biyu daga tukunya, tana ɗan kallon ƙasa. Danna allo ka riƙe har hoton ya kulle a bakin tukunya.
GEFE. Ruwa na tafasa. Kunna ɗauka, sannan a fara jefawa. Kada a taɓa waya har ya taso.
GEFE dai. Kumfa ta hau, rage wuta. Tsame ɗaya, raba shi biyu a gaban kyamara.

Kalmar TSAYA ɗin nan da jan biro na rubuta ta, na manna takardar a bango daidai idona. Daga gefe tururi sama yake tafiya, bai sake kusantar gilashin ba.

Maganar da ake yi lokacin da fuska ba ta fitowa, bayan sallar asuba na naɗe ta daban, kafin injin markaɗen layinmu ya tashi.

Yanzu kuma kafin in jefa ko ɗaya, sai na ware kashi ɗaya cikin uku na ƙullun a ƙaramar roba na rufe. In tasowar farko ta kuɓuce, ina da abin sake jefawa ba sai na auna sabon gari ba, wannan ma da layinsa a takardar.