Asabar: Ni da Giraf-giraf na Tumatir

Yau ba lakca, don haka bayan na karya kumallo na ɗauko littafin darasin tattalin arziki na zauna da shi. Jarrabawa ta matso, kuma shafukan babin buƙata da samar da kaya cike suke da zane: layuka biyu sun gitta juna, wani layi na uku a gefe, ga kibiya tana nuna hagu ko dama. A aji malam yana zana giraf yana bayani da baki, hannu kuwa zanen kawai yake iya kamawa kafin a goge allo. Bayan wata guda sai ka tarar da D1 da D2, wato layin buƙata na farko da na biyu, da kibiya, amma dalilin da ya sa layin ya gusa ya tafi da iska. Aikin da na sa kaina yau shi ne in rubuta wa kowane zane bayaninsa a ƙasa, da jan biro, yadda ko daren jarrabawa na buɗe zan gane.

Na tsayar wa kaina abu huɗu da kowane bayani zai ƙunsa: wane layi ne ya gusa, ina ya nufa, me ya tura shi, sannan me ya faru da farashi da yawan kayan da aka sayar. Na kuma hana kaina rubuta "sama" ko "ƙasa" wajen faɗin inda layi ya gusa. Dalili kuwa, idan kaya suka ƙaru a kasuwa layin samarwa dama yake tafiya, amma a ido sai ka ga kamar ya sauka ƙasa ne, wanda ya rubuta "ya yi ƙasa" kuwa zai karanta shi a matsayin raguwa. Yawan kaya a kwance yake a giraf, farashi ne a tsaye, saboda haka ƙari dama ne, ragi hagu ne, ko a layin buƙata ko a na samarwa.

Zanen da ya fi cin lokacina shi ne wanda malam ya haɗa da lissafi. Misalin nasa ba shi da sunan kaya, ni na mayar da shi kasuwar tumatir, tunda ita na tashi ina gani a gidanmu. P ya zama kuɗin kwando ɗaya a dubban naira, Q ya zama yawan kwanduna a ɗaruruwa. Qd shi ne yawan da masu saye ke so, Qs kuma yawan da masu sayarwa ke kawowa. Alƙaluman na koyo ne kawai, ba farashin kasuwar Yankaba ba ne.

```
Qd = 100 − 2P
Qs = 10 + P
```

Inda layukan biyu suka haɗu, abin da masu saye ke so ya yi daidai da abin da masu sayarwa suka kawo. Wato 100 − 2P ya yi daidai da 10 + P, sai P ya fito 30, Q ya fito 40. Kwando dubu 30, an sayar da kwando 4,000. Na sa wa wurin alamar E1.

Wancan layin samarwa shi ne S1. Sai na biyu, S2, wanda malam ya rubuta Qs = −5 + P. A nan na tuna shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Wannan shi ne ainihin abin da ke tura layin samarwa: ba kuɗin kwando ne ya canja da farko ba, amfanin gona ne ya lalace. A kowane farashi ka duba, abin da ake kawowa ya ragu da 15, wato kwando 1,500. Da na sake lissafi, P ya koma 35, Q ya koma 30, na sa wa sabuwar mahaɗar alamar E2. Ga abin da na rubuta a ƙasan zanen:

"S1 ya gusa hagu zuwa S2, domin tsutsa ta rage amfanin gona. Layin buƙata bai motsa ba. Farashi ya tashi daga 30 zuwa 35, kayan da aka sayar sun ragu daga 40 zuwa 30. Masu saye sun rage saye ne saboda tsada, wato sun hau sama a kan layinsu na D1, daga E1 zuwa E2."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ta fi min amfani, domin a nan ake zubar da maki. Da yawa sukan rubuta cewa farashi ya tashi sai buƙata ta ragu, su zana sabon layin buƙata a hagu. In ka bi wannan hanyar ba za ka tsaya ba: buƙata ta ragu sai farashi ya sauka, ya sauka sai buƙata ta ƙaru, kana ta zana layuka har takarda ta ƙare. Farashin kayan yana jikin giraf ɗin, layin ya riga ya faɗi yadda mutane za su yi a kowane farashi. Abin da ke gusar da layi sai ya zo daga wajen zanen: samun kuɗin mutane, farashin wani kaya, kuɗin taki, tsutsa, ruwan sama, yawan jama'a.

Akwai wani abu kuma da sai da na rubuta na lura da shi sosai. Layin ya gusa da 15, amma cinikin 10 kawai ya ragu. Ina sauran 5 ɗin? Tashin farashi da dubu biyar ne ya jawo su. Wanda da zai yanka nasa ya shanya sai ya kawo ɗanye kasuwa, wanda gonarsa ke nesa sai ya ga kuɗin mota zai fita. Su ma sun hau sama ne a kan sabon layinsu na S2. Na ja ƙaramar kibiya a kwance tsakanin S1 da S2 na rubuta 15, na ja wata a gindin giraf tsakanin 40 da 30 na rubuta 10, don kar in ɗauka abu ɗaya ne.

Bayan azahar na kira kawuna, wanda ya daɗe yana lodin tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, idan ɗanyen tumatir ya yi tsada, me mutane ke yi?" Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai kauɗa ake komawa, ko na leda. Ranar da kwando ya tashi, je ki ji kuɗin buhun kauɗa, shi ma ya ɗaga." Wannan ya ba ni bayanin zanen da ke shafi na gaba, wanda malam ya yi wa taken kayan da ke maye gurbin juna. A giraf na kauɗa, kuɗin ɗanyen tumatir abu ne na waje, don haka yana da ikon tura layi. Na rubuta: "D1 ya gusa dama zuwa D2, domin ɗanyen tumatir ya yi tsada, masu miya sun koma kauɗa. Farashin kauɗa ya tashi, yawan wadda aka sayar ma ya ƙaru." Tashin farashi guda ɗaya ne, amma a zanen tumatir tafiya ce a kan layi, a zanen kauɗa kuma gusawar layi ce. Shi ya sa yanzu nake fara rubuta sunan kasuwar a saman kowane giraf kafin in taɓa komai.

Kawu ya kuma yi ƙorafin kuɗin mota tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023. Wannan bai ba ni wahala ba: a kasuwar Legas kuɗin kai kowane kwando ya ƙaru, layin samarwa ya yi hagu, bayaninsa iri ɗaya da na tsutsa, dalilin ne kawai ya bambanta.

Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta dawo daga kasuwa ta same ni a kai, ta leƙa ta ce, "Ke, to idan an ba ki labarin farashi kawai ba a faɗa miki dalili ba fa?" Na ce mata sai a dubi yawan cinikin. Idan farashi ya tashi kuma ciniki ya ƙaru, kamar raguna a jajiberin babbar salla, buƙata ce ta yi dama. Idan farashi ya tashi ciniki ya ragu, samarwa ce ta yi hagu. Farashi da yawa in sun tafi tare, layin buƙata ne ya motsa. In sun raba hanya, na samarwa ne. Ta ce in rubuta mata wannan a bangon littafinta, na rubuta.

Zane na ƙarshe shi ne mai layuka huɗu, inda duka biyun suka gusa lokaci guda. Na ɗauka tsutsa ta ci gona, azumi kuma ya kama, kowane gida yana son miya mai kyau ta shan ruwa. Samarwa ta yi hagu, buƙata ta yi dama. Duka biyun farashi suke turawa sama, don haka tashinsa ba shakka. Yawan cinikin ne ake ja-in-ja a kansa, ɗaya na rage shi ɗaya na ƙara shi. Na riƙe Qs = −5 + P, na gwada layin buƙata iri uku. Da Qd = 115 − 2P, farashi 40 ne, yawa 35, ƙasa da 40 na farko. Da Qd = 130 − 2P, farashi 45, yawa ya dawo 40 cif. Da Qd = 145 − 2P, farashi 50, yawa 45, ya zarce na farko. Wato amsar ta dogara da wanda ya fi nisan gusawa, kuma a takarda hannunka ne ke zaɓar nisan, ba tambayar ba. Wanda ya zana D2 da nisa zai "gano" ciniki ya ƙaru, na kusa da shi ya zana shi kusa ya "gano" ya ragu, alhali tambaya ɗaya aka ba su. Saboda haka na yi ƙananan zane uku a jere da fensir, na rubuta a ƙarƙashinsu: "Farashi ya tashi tabbas. Yawan ciniki ba a iya yanke hukunci a kansa sai an san girman kowace gusawa."

Wuta ta ɗauke daf da magariba, na tattara. Saura babin ƙayyade farashi da na haraji, kuma na harajin sai na nemi rula, domin tazarar da ke tsakanin S1 da S2 a tsaye ake auna ta, ita ce kuɗin harajin kowane kwando.