Tankin kwamfureso da ya tsage ta ciki

Na ci jarrabawar darasin yadda matsi ke jan bangon silinda da maki mai kyau, amma ban fahimce shi ba sai da na tsuguna gaban wani tankin kwamfureso, wato injin matsa iska, da ya fashe. A lokacin ina zangon koyon aiki na wata shida da ake tura ɗaliban injiniya, a wani wurin walda da gyaran injuna a Kano. Wani mai fentin mota ne ya kawo tankin a bayan a-kori-kura. Ba gyara ya kawo shi ba, so yake a sare ƙafafun da mazaunin injin a ɗora wa wani tankin. Ya ce da hantsi abin ya yi ƙara kamar an harba bindiga, Allah ya kiyaye babu kowa a kusa.

Tankin kwance yake kamar ganga, da murfi mai tudu a kowane kai. Kafin a juya shi, Maigida, wanda ya fi shekara talatin yana walda, ya dube ni ya ce, "To Injiniya, ta ina ka ce ya fashe?" Injiniya yake kirana, kuma na san rabin kiran zolaya ce. Na ce ai murfin ne zai fita, tunda iska tana tura shi waje, kuma waldar da ta kewaye shi ita ce wuri mai rauni. Bai ce komai ba, ya sa yara suka mirgina tankin. Murafen biyu suna nan daram. Tsagar tana ƙarƙashin cikin, ta miƙe bisa tsawon tankin wajen kamu biyu, leɓunanta sun buɗe waje kamar an fasa kwanson gyaɗa.

Abin da ya ba ni kunya shi ne na san lissafin. Na haddace cewa jan da ke bin kewayen silinda ninki biyu ne na jan da ke bin tsawonsa. Inda na ruɗe shi ne, a kaina, ja mai kewaye sai ya haifar da tsaga mai kewaye. Ba haka ba ne. Ka riƙe ƙyalle da hannu biyu ka ja dama da hagu, yagewar daga sama zuwa ƙasa za ta bi. Tsaga tana gicciye jan da ya haife ta. Saboda haka jan da ke ƙoƙarin faɗaɗa kewayen tanki, tsagarsa bisa tsawo take tafiya, shi kuma jan da ke ƙoƙarin ƙara masa tsawo, tsagarsa ce ke zagaye shi kamar zobe. Wanda ya fi ƙarfi a cikin biyun shi zai riga kai ƙarfe maƙura.

Da dare na ɗauko takarda na sake lissafin, wannan karon da awon tankin da na gani da idona. Faɗinsa milimita 400 ne, wato daga tsakiya zuwa bango milimita 200. Kaurin ƙarfen a inda tsatsa ba ta taɓa ba milimita 3. Mai shi ya ce injin yana tsayawa idan allurar geji ta kai 10 bar, wanda ya yi daidai da 1 MPa, ko kuma nutan 1 a kan kowace murabba'in milimita.

Na fara da murfin, tunda shi na zarga. Iska tana tura da'ira mai rabin faɗi milimita 200, kuma filin wannan da'ira ya kai murabba'in milimita 125,600 da ɗoriya. Ƙarfin turawar ke nan ya kusa nauyin tan 13. Wannan adadi ne ya yaudare ni tun farko, don kuwa yana da ban tsoro. Amma wa ke riƙe da shi? Zoben ƙarfen da ya kewaye tankin gaba ɗaya, mai tsawon milimita 1,257 da kauri 3, wato murabba'in milimita 3,770 na ƙarfe. Idan aka raba, kowace murabba'in milimita tana ɗaukar nutan 33 da ɗan kai.

Sai na ɗauka an tsaga tankin gida biyu bisa tsawo, kamar yadda ake fafe ƙwarya. Na ɗauki tsawon mita ɗaya. Iska tana ƙoƙarin raba rabin sama da rabin ƙasa, kuma filin da take turawa shi ne faɗi sau tsawo, 400 sau 1,000. Nutan 400,000 ke nan, kimanin nauyin tan 40. Ƙarfen da ke riƙe da wannan kuwa layi biyu ne kacal, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, kowanne tsawon milimita 1,000 da kauri 3. Jimilla murabba'in milimita 6,000. Rabawa ta ba da nutan 67 a kan kowace murabba'in milimita. Ninki biyu cif.

A rubuce haka suke, inda `σ` ke nufin ja, `p` matsi, `r` rabin faɗi, `t` kauri:

```
σ_kewaye = p r / t
σ_tsawo  = p r / (2 t)
```

Tsawon tankin bai bayyana a ko ɗaya ba. Idan ka ƙara tsawo, ƙarfin turawa ya ƙaru, ƙarfen da ke riƙewa ma ya ƙaru daidai da shi, sai su soke juna. Gajeren tanki da dogon bututu duk dokarsu ɗaya, in dai ba dab da murfi kake aunawa ba. Sharaɗin kawai shi ne bangon ya zama siriri, kaurinsa kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na rabin faɗin. Namu 3 ne cikin 200, ya cika sharaɗin har da rara. Silinda mai kaurin bango, irin ta jak ɗin mai, lissafinta daban ne, don jan ya fi yawa a fuskar ciki, yana raguwa zuwa waje.

To amma 67 ba ta fasa ƙarfe. Ƙarfen da aka saba yin irin wannan tanki da shi ba ya fara miƙewa sai ja ya kai wajen 250 MPa, ba ya tsinkewa sai wajen 400. Washegari na kai wa Maigida wannan tambaya. Ya ce, "Leƙa ciki." Na haska da fitilar waya ta cikin tsagar. Saman tankin lafiya lau, amma a ƙasa akwai wata hanya ta tsatsa mai faɗin tafin hannu, ta bi tsawon cikin daga wannan kai zuwa wancan. Iskar da kwamfureso ke matsawa tana ɗauke da laima, musamman da damina, kuma idan ta huce a cikin tanki sai laimar ta zama ruwa ta kwanta a ƙasa. Akwai ɗan famfo a ƙarƙashi don zubar da wannan ruwa. Na wannan tanki ya cije da tsatsa, da ganinsa an shekara ba a murɗa shi ba.

Nan ne abin ya haɗu mini. A tankin da ke kwance, ruwa yana kwanciya ne a layi ɗaya bisa tsawo, wato tsatsa tana cin ƙarfe daidai a layin da jan kewaye ke neman buɗewa. Mun auna leɓen tsagar, wani wuri bai kai milimita 1 ba, ko da yake ƙarfe yakan ƙara sirancewa yayin da yake miƙewa kafin ya yage. Idan kauri ya sauka zuwa milimita 1, jan kewaye ya zama 200 MPa. A 0.8 ya zama 250, ƙarfe ya fara sakewa. A daidai wannan wuri jan tsawo ko rabin haka bai kai ba, don kuwa zoben da ke riƙe da murfi mafi yawansa lafiyayyen ƙarfe ne, tsatsa ta ci ɗan yanki kawai daga cikinsa. Ɗigon tsatsa guda ɗaya yakan huda rami ne, iska ta riƙa fita tana fito, don ƙarfen da ke kewaye da shi yana ɗauke masa nauyi. Doguwar hanyar tsatsa ba ta da maƙwabcin da zai tallafe ta.

Shi ya sa Maigida ba ya yarda ya yi wa cikin tankin iska faci. Na ga ya mayar da mutum biyu da suka zo da ɗan rami, suna cewa ɗigon walda ɗaya ya isa. Yakan ɗauki ƙaramar guduma ya bi cikin tankin yana ƙwanƙwasawa. A gefe ƙarar tana fita tas, da ya sauko ƙasa sai ta dushe. Ya ce wa ɗayansu, "Alhaji, wannan ramin shi ne ya yi maka magana. In na rufe masa baki, ba zai sake gargaɗinka ba." Mutumin ya tafi ransa a ɓace, ina jin wani wurin ya kai.

Bayan haka na fara ganin ninki biyun nan a wuraren da a da nake wucewa. Bututun roba na ruwan famfo, idan matsi ya fasa shi, bisa tsawo yake tsagewa. Zarurrukan da ke cikin tiyo mai ɗaukar matsi a karkace ake saƙa su, kusan digiri 55 daga layin tsawo, kuma daga rabon biyu da ɗaya aka fitar da wannan kusurwa. Tsofaffin tukwanen tururi da ake haɗawa da ƙusar rifit, ɗinkin tsawo yakan samu layin ƙusa biyu ko uku, na kewaye sau da yawa layi ɗaya. A 1905, a garin Brockton na jihar Massachusetts a Amurka, tukunyar tururin wata masana'antar takalma ta fashe ta kashe mutum 58, kuma tsaga ce a ɗinkin tsawo ta jawo. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa aka kafa dokokin ƙera tukunyar tururi a can.

Akwai kuma ranar da wannan ilimi ya yi mini aiki ta baya. An kawo wani ƙaramin tanki mai tsaga, amma tasa gajera ce, ta bi gefen waldar da ta haɗa mazaunin injin da jikin tankin, ta nufi kewaye. Da a farkon zuwana ne, sai in ce matsi ya yi yawa. Yanzu kuwa na san matsi shi kaɗai ba zai zaɓi wannan hanya ba, tunda jan da ke buɗe tsagar kewaye shi ne ƙarami. In ka ga tsaga ta zagaya, nemi wani abin da ya ƙaru a kan matsin: girgizar inji, lanƙwasa kamar bututun da ƙasa ta zauna a ƙarƙashinsa, ko waldar murfi da ba ta shiga ba. A wannan tankin, fulin injin ne ya karkace, yana jijjiga mazaunin tsawon watanni.

Da za a gwada sabon tankin mai fentin, na miƙa hannu zan jona masa iska. Maigida ya buge hannuna. Ya sa aka cika shi da ruwa fal har iska ta fita ta sama, sannan aka ɗaga matsin da famfon hannu zuwa 15 bar, ɗaya da rabi na abin da zai yi aiki da shi. Ruwa kusan ba ya matsuwa, saboda haka in ƙarfe ya gaza, ɗan tsartuwa zai yi matsin ya faɗi nan take. Iska kuwa tana tara ƙarfi kamar sifirin da aka danne, ta ci gaba da yaga tsagar har sai ta gama fita. Muka tsaya minti goma muna kallon allurar, ba ta motsa ba. Ya miƙo mini alli ya ce in bi waldar tsawo tukun in duba ko akwai gumi, kafin in je kan murafen.