Kaya 51 a azumi ɗaya

Wata biyu ke nan da na bar shagon da na yi shekara 7 ina ɗinki a cikinsa a Garwa ta Kamaru. Har yanzu in na buɗe littafin awo na azumin 2024 sai raina ya sosu.

A shekarar azumi ya faɗo tsakanin Maris da Afrilu, tsakiyar zafi, lokacin da ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ke ja baya ana yawan ɗauke wuta. Maigida ya karɓi kaftani 20 na wani ɗan kasuwa da zai kai Kuseri, da ankon biki guda 14, ga kuma mutanen unguwa 17 kowa da shaddarsa a leda. Duka 51, kuma ni kaɗai ne a kan keken maza. Da ya ce, "Za ka iya ai?" sai na ce, "Ba komai, Maigida." Laifina na farko ke nan, ban musa ba.

Lissafin da ke kaina shi ne ina gama kaya biyu, kowane riga da wando, a yini, kwana shida 12, mako huɗu 48, sauran ukun a cike da aikin dare. Amma ban taɓa samun kwana shida a mako ba. Juma'a rabin yini ce. Ɗauke wuta na cin kusan yini guda in aka tattara. Awo, da gyaran wanda ya dawo yana cewa hannu ya yi masa tsawo, da zuwa kasuwa neman zare da maɓalli, su ma rabin yini. Kwana huɗu suka rage, wato kaya 8 a mako, 32 a watan. Tun ranar da muka karɓi kuɗin kafin alƙalami, mutum 19 ba su da rabon sa sabon kaya, ba su sani ba, mu ma ba mu sani ba.

Sannan duk mun rubuta musu rana ɗaya, wai "kafin Sallah". Ɗan kasuwar Kuseri sayarwa zai yi, don haka dole kayansa su hau mota saura kwana goma. Mai aikin wuya yana riƙe riga kwana uku, kuma ba mu kaɗai ke kai masa ba. Ga guga da ninki. In aka ƙirgo baya, ya kamata in sauke kekena daga kayansa tun 15 ga azumi. Ni kuwa a ranar ina kan anko, saboda uwar amarya ta fi kowa zuwa shago.

Alamar da ya kamata ta farkar da ni tana kan tebur. Na koma yanka yadin duk wanda ya leƙo, don ya ga an taɓa nasa ya tafi da sanyin rai. Yankakku sun kai tsibi goma, gamamme babu. Daren 26, bayan asham, ina aiki da fitilar waya a baki, na yanka gezinar wani dattijo a kan awon ɗansa. Mita biyar, ta tafi ke nan.

Washegari Maigida ya tsaya gaban dattijon ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, yaron nan ne ba ya tsayawa kan aiki." Ni ne yaron, da 'ya'yana uku. Jaka 45 na sefa aka cire daga kuɗina. Shi da ya karɓi 51 bai ɗaga kai ya dubi kalanda ba, ko dala ba ta fita daga aljihunsa ba. Na yafe, amma ban manta ba.

Yanzu a rumfata ina da allo a bango, kowane mako layi takwas. In layukan sun cika, mai kawo ɗinki sai mako na gaba, ko da ɗan ɗakinmu ne. Ba na tambayar "yaushe Sallah" ko "yaushe bikin", ina tambayar ranar da kaya za su bar hannuna, sai in ja baya da kwana biyu in rubuta wannan a allo. Kwana biyun nan na wuta ne, da keken da ya tsinke bel, da jana'izar da ba a shirya mata ba. Ranar Alhamis ba na ɗora mata alkawarin kowa, a nan nake kwashe abin da ya zube daga Litinin zuwa Laraba. Babban kwastoma ba ya cin fiye da layi biyar a mako, don kada mutanen unguwa su tsaya. Ba na sa almakashi a yadin da ba zan ɗinke cikin kwana biyu ba.

Makon jiya wani ya kawo shadda uku yana so ranar Asabar. Na nuna masa allon, ya yi tsaki ya kwashe kayansa. Na ji an ce tsohon shagonmu ya kai, kuma an karɓa.